Hoto ɗaya, wuri uku: yadda ake zaɓen siffa da yawan fiksel tun kafin a fitar da hoto

A ɗauka an gama zanen ginin wata makaranta a kwamfuta, dogon bene mai tsawon mita 60 da tsayin mita 8. Mai aikin yana son abu uku: fanorama, wato hoton kwance mai faɗi sosai, ta santimita 150 da za a rataya a bangon ofis, hoto a tsaye na Instagram da sitatus, da kuma allon gabatarwa a babbar takardar A1 da za a kafa gaban kwamiti. Abin da aka saba yi shi ne a fitar da renda, wato hoton da kwamfuta ke haɗawa daga zanen, guda ɗaya a 1920 × 1080, tun da shi ne girman da manhajoji da yawa ke zuwa da shi, sai a yi ta jan ta ana datse ta har ta shiga ko'ina. A bango sai ta fashe, a waya sai a ga rabin ƙofa da sararin sama, a kan allo kuma tagogi su narke. Duk matsalolin nan uku tushensu ɗaya: an fitar da hoto kafin a tambayi inda za a kalle shi. Lissafin daga ƙarshe ake faro shi, daga bango ko waya ko takarda, a komo baya zuwa kyamara.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne siffar hoto, wato yadda faɗinsa yake idan aka gwada shi da tsayinsa. Idan aka rubuta 3:1 ana nufin faɗi ya ninka tsayi sau uku. Idan aka ce 4:5, tsayin ne ya ɗan ɗara. Siffa ba ta faɗin komai game da kyau ko girma. Hoto mai 300 × 100 da mai 9000 × 3000 duk 3:1 ne.

Na biyu shi ne yawan fiksel, ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton. Wannan shi ne ainihin dukiyar da ke cikin fayil. Kyamara mai megafiksel 24, wato fiksel miliyan 24, tana ba da 6000 × 4000 a siffar 3:2. Wayoyi da yawa suna ba da kusan 4000 × 3000 a siffar 4:3, har da waɗanda aka rubuta musu megafiksel 50 a kwali, domin sukan haɗe fiksel huɗu su zama ɗaya sai in mutum ya shiga ya canza da kansa.

Na uku shi ne `ppi`, yawan fiksel da ke faɗawa cikin kowane inci ɗaya idan hoton ya sauka a takarda. Masu firinta kan kira shi `dpi`, kuma a bakin aiki abu ɗaya suke nufi. A nan ake yawan ruɗewa. Lambar `72` ko `300` da ke rubuce a bayanan fayil alama ce kawai, ba ta ƙara wa hoto ko ɗigo ɗaya. Hoto mai 6000 × 4000 da aka yi wa alamar 72 da wanda aka yi wa alamar 300 abu ɗaya ne. Idan kana son ganin gaskiyar, buɗe `Image Size` a Photoshop, ka cire alamar `Resample`, ka rubuta faɗin da za a buga. Lambar da ta fito a gurbin `Resolution` ita ce ta gaske. Idan kuwa ka bar `Resample` a kunne ka rubuta 300, manhajar za ta ƙirƙiro fiksel ta hanyar hasashe daga na maƙwabtansu. Fayil zai yi nauyi, amma tagar da ba ta fito ba tun farko ba za ta fito ba.

Abin da ya haɗa ukun shi ne wannan:

```
fiksel = (milimita ÷ 25.4) × ppi
```

Nisan mai kallo ne ke yanke hukunci

Kowa ya haddace cewa bugu yana buƙatar 300. Gaskiya ne, amma ga abin da ake riƙewa a hannu, kamar mujalla ko katin gayyata. Dalilin a ido yake. Lafiyayyen ido yana iya bambanta ɗigo biyu ne idan tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Ƙasa da haka sai su haɗe masa. Idan aka juya wannan zuwa lissafi mai sauƙi, sai a samu:

```
ppi ≈ 8700 ÷ nisa a santimita
```

A nisan santimita 30, inda ake karanta littafi, amsar 290 ce, kuma daga nan 300 ɗin ta samo asali. A santimita 60 ta sauko zuwa 145. A mita ɗaya 87 ta wadatar, a mita uku kuwa 29. Shi ya sa allon talla da ke kafe a bakin titi yake da kyau daga cikin mota, alhali in ka matsa kusa sai ka ga ɗigoginsa ƙuru-ƙuru.

Sai dai mutane ba sa tsayawa inda aka tsara musu. Hoton bango ana fara kallonsa daga mita biyu, amma duk wanda abin ya burge sai ya matso ya nemi ofishin shugaban makaranta. Don haka a lissafa da mafi kusancin da mutum zai iya yi ba tare da ya zama abin dariya ba, wajen santimita 60. Wannan ne ya sa 150 ta zama lamba mai kyau ga manyan bugu da ake iya matsowa kusa da su. Ƙasa da 100 akan fara ganin laushi a gefen abubuwa. Sama da 200 a babban bugu yawanci nauyin fayil da ɓata lokaci kawai ake ƙarawa.

Fanoramar bango

Santimita 150 a siffar 3:1 na nufin tsayin santimita 50. Faɗin a inci 59 ne da ɗan kai, a ninka da 150 a samu 8,858. A cike shi zuwa 9000 × 3000, megafiksel 27 ke nan. Da an buga renda mai faɗin 1920 a wannan girman, da ta sauka a 32 `ppi`, wato ingancin allon tallan bakin titi a cikin ofis.

Akwai wata hanyar auna isar fiksel da ta fi wannan shiga kai, ita ce a tambayi fiksel nawa kowace mita ta ginin ta samu. Ginin mita 60 ne, za a bar fili hagu da dama, sai firem ya ɗauki mita 75. A faɗin 9000, kowace mita ta samu fiksel 120, tagar mita 1.2 ta samu 144, kuma hakan ya isa a ga firem ɗinta da sandunan ƙarfenta. A faɗin 1920 tagar nan fiksel 31 kacal za ta samu. Ba wata manhajar ƙara girma da za ta san yawan sandunan da ke jikin tagar. Iyakarta ta ƙaga wani abu mai kama da su.

Me ya sa 3:1 ba 16:9 ba? Ginin ne ya zaɓa. Firem mai faɗin mita 75 a siffar 3:1 yana da tsayin mita 25, ginin ya ci kusan sulusi, sauran ya tafi ga sama da farfajiya. A 16:9 tsayin firem zai haura mita 42, ginin ya koma siririn zare a tsakiyar gajimare. Fanorama takan fara ne daga 2:1. Idan ta wuce 4:1 sai ta zama ɗamara, ido ba ya iya ɗaukarta gaba ɗaya, kuma samun firem ɗin katako da gilashin da zai dace yana wuya.

Kuskuren da ya fi yawa a nan ba na fiksel ba ne, na kusurwar kyamara ne. Don ginin ya shiga, sai a matso kusa a buɗe kusurwar kallo har digiri 100. Kyamarar renda, kamar ta hannu, tana miƙar da duk abin da ke da kauri idan ya kusanci gefen hoto. A kusurwar digiri 60, ginshiƙi ko mutumin da ke can ƙarshe yana ƙara faɗi da kusan kashi 15 cikin ɗari, ido kuma yana yafe wannan. A digiri 100 ƙarin ya haura kashi 50, sai ka ga bishiya ta baje, motar da ke gefe ta yi tsawon da ba nata ba. Maganin shi ne a ja da baya. Don ɗaukar mita 75 a digiri 60, kyamara za ta tsaya wajen mita 65 daga fuskar ginin. A cikin kwamfuta wannan ba ya cin ko kwabo. In katanga ko wani gini ya tare, sai a ɓoye shi.

Sai a tuna da lokaci. Aikin renda yana tafiya ne da jimillar fiksel, ba da faɗi kaɗai ba. Hoton 1920 × 1080 megafiksel biyu ne da ɗan kai, na 9000 × 3000 ya ninka shi sau 13. Idan ƙaramin yana cin minti biyar, babban zai haura awa ɗaya. Inda wuta ba ta da tabbas, wannan lissafi ne da ake yi kafin a danna. A gyara haske da kusurwa a ƙaramin gwaji mai siffa iri ɗaya, misali 1500 × 500, a kunna `Safe Frame` idan manhajar renda ta V-Ray ake amfani da ita domin a ga ainihin iyakar hoton, sannan a saki babban sau ɗaya.

Idan kuma ginin yana tsaye ne, hotonsa za a ɗauka, akwai hanya biyu. Mai sauƙin ita ce a ɗauki hoto ɗaya a datse sama da ƙasa. Daga 6000 × 4000 za a tsira da 6000 × 2000, an zubar da rabin abin da kyamara ta ɗauko, kuma a faɗin santimita 150 zai sauka a kusan 101 `ppi`. Zai yi daga mita ɗaya, amma ba shi da rara. Daga waya mai faɗin 4000 kuwa 68 za a samu, wanda ya yi kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce ɗinki. A juya kyamara a tsaye, domin dogon gefenta ya zama tsayin fanoramar, a ɗauki hotuna a jere daga hagu zuwa dama, kowanne ya hau kan na bayansa da kusan sulusi. Hoton farko ya kawo faɗin 4000, kowane na gaba ya ƙara kusan 2,670. Guda biyar sun ba da wajen 14,600, kuma bayan an datse karkatattun gefuna akan tsira da tsayin 4,800 zuwa 5,000. Wannan 3:1 ce mai rara sosai. Hugin, PTGui, Lightroom da Photoshop duk suna yin ɗinkin.

Abin da ke ɓata shi sananne ne. Idan aka bar kyamara tana zaɓen haske da kanta, kowane hoto zai zo da nasa, sai sararin sama ya fito rodi-rodi, wani sashe da haske wani da duhu. A kulle haske da launi da fokas kafin a fara. Idan mai ɗauka yana juya jikinsa gaba ɗaya maimakon ya juya kyamarar a inda take, abubuwan kusa za su gusa dabam da na nesa, sai a ga falwaya ta karye ko wayar lantarki ta rabu biyu. A sa kyamara a kan ƙafarta, a daidaita ta, a kuma guji barin abu kusa da ita. Sannan manhajar za ta tambayi irin shimfiɗar da ake so. `Perspective` yana barin layukan gini a miƙe amma yana jan gefe, don haka ya fi dacewa idan kusurwar ba ta kai digiri 100 ba. `Cylindrical` yana ɗaukar faɗi ko nawa ne, amma rufin dogon gini zai lanƙwashe kamar baka. Ga ginin da ake son a ga miƙewarsa, gara a ja baya a zaɓi na farkon.

Fanoramar zagaye ta digiri 360, wadda ake juyawa da yatsa, dokarta dabam ce. Siffarta dole 2:1, domin faɗin yana wakiltar digiri 360, tsayin kuma 180. Mai kallo yana ganin kusan digiri 90 ne a lokaci guda, rubu'in faɗin ke nan. Fayil mai 4096 × 2048 yana jin kamar babba, amma fiksel 1,024 kawai ke cika allon, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. A 8192 × 4096 ne ake fara samun abin da ido zai yarda da shi.

Hoton tsaye na waya

Nan fiksel ba su da tsada. Faɗin da aka saba aiki da shi a Instagram 1080 ne. Hoton tsaye na 4:5 shi ne 1080 × 1350, na cika allo kamar sitori da sitatus kuma 9:16 ne, 1080 × 1920. A 2025 Instagram ya mayar da akwatunan shafin mutum daga murabba'i zuwa na tsaye, ya kuma fara karɓar hoton 3:4, wato 1080 × 1440. Hoton 4:5 har yanzu yana aiki, sai dai a cikin akwatin shafi yana rasa kusan fiksel 34 a kowane gefe, saboda haka kada rubutu ya jingina da gefen.

Jarabar ita ce a yanko hoton tsayen daga fanoramar da aka riga aka fitar. Ta fuskar lissafi babu laifi: daga 9000 × 3000 za a samu 2400 × 3000, ninki biyu na abin da ake buƙata. Amma me ke cikin yankin? Mita 20 daga cikin 75, sulusin ginin, da sama mai yawa da ƙasa mai yawa. Fiksel sun isa, hoto ne babu. Tela ba ya yanko hula daga rigar da ya gama ɗinkawa. Tun a kan yadi yake ware wa kowanne nasa.

Hoton tsaye yana son kyamararsa. A matso kusa da babbar ƙofa, a tsaya ta kusurwa yadda ginin zai miƙa ciki yana ƙanƙancewa, a sa wani abu mai tsayi, bishiya ko matakala ko mutum, ya riƙe gaban hoton. A kula kada a ɗaga hancin kyamara sama, domin hakan ne ke sa bangaye su karkata kamar za su haɗu a can ƙololuwa. A SketchUp `Two-Point Perspective` ne ke miƙar da su, a Blender kuma a bar kyamarar a daidaice a ɗaga hoton da `Shift Y`. Ga mai ɗaukar hoto na gaske maganar ɗaya ce: hoton kwance na 6000 × 4000 idan aka mayar da shi 4:5 yana rasa kusan rabin faɗinsa, a 9:16 kuma ya rasa kusan kashi biyu cikin uku, alhali da an juya kyamarar a tsaye tun farko kashi ɗaya cikin shida kawai 4:5 zai ci.

Akwai dabarar da ke sa renda ɗaya ta biya buƙata biyu. A fitar da ita a 9:16, amma a tsara komai mai muhimmanci a cikin akwatin 4:5 da ke tsakiya. Tsakanin 1920 da 1350 akwai 570, wato fiksel 285 a sama da 285 a ƙasa. Wannan ya yi kusan daidai da wurin da sunan mai shafi da maɓallan amsa ke rufewa a sitori. Sai sama da farfajiya su cike wuraren nan, ginin da rubutu su zauna a tsakiya. A fitar a ninki biyu, 2160 × 3840, sannan a rage da hannu zuwa 1080. Ragewar tana goge ƙurar renda, tana kuma gyara gefen layuka. A ajiye a tsarin launi na `sRGB`, in ba haka ba launi na iya fitowa a koɗe.

Girman rubutu ma lissafi ne. Fiksel 1080 ɗin nan suna zama ne a allon da faɗinsa bai wuce santimita bakwai ba. Harafi mai tsayin fiksel 20 ya koma milimita 1.3 a hannun mai karatu. A kwamfuta yana da kyau, a waya babu mai karanta shi. Daga 40 zuwa sama ne ake karantawa ba tare da an matse ido ba.

Fanoramar fa, ko za ta hau waya? A yadda take, a'a. A faɗin 1080 tsayinta 360 ne kawai, kuma Instagram ba ya barin hoton kwance ya wuce 1.91:1, zai datse ta. Abin yi shi ne a yanka ta gida uku a jera, mai kallo ya riƙa ja da yatsa. Gida uku na 1080 × 1350 sun haɗa 3240 × 1350, siffar 2.4:1 ke nan, don haka za a ɗan rage gefuna. A duba inda yankan biyu za su faɗa, kada su raba ƙofa ko fuskar mutum.

Allon gabatarwa

Takardar A1 milimita 594 ce da 841. Duk dangin A siffarsu ɗaya, 1 da 1.414, an kuma tsara su ne yadda idan aka naɗe ɗaya biyu sai ta zama ta ƙasa da ita. Wannan siffar ba ta yi daidai da 16:9 ba, ba ta yi da 3:2 ba, don haka babu rendar da za ta cika allon ba tare da yanka ba. Ba a ma so ta cika. Allo shafi ne mai gidaje, kuma kowane gida da nasa lissafin.

A fara da zana gidajen babu komai a ciki. Allon a kwance, a bar milimita 15 a kowane gefe, faɗin aiki ya zama 811. Fanorama ta ɗauki saman, 811 da 270. Ƙasan ya rage wa taswirar bene da ƙananan hotuna biyu masu faɗin milimita 260. Yanzu ne za a san girman renda. Gidan sama a 150 yana son 4800 × 1600, a 200 kuma kusan 6400 × 2130. Fayil ɗin bango mai faɗin 9000 zai zauna a nan a 282 `ppi`, ya wadatar har da saura. A nan hoto guda ya yi aiki biyu, kuma ya yi ne saboda siffar ɗaya ce. Ƙananan hotunan ana kallonsu kusa, a ba su 200: faɗin fiksel 2,050 ya ishe su. Babu dalilin fitar da su a 6000.

Waɗanda ke haɗa allon gaba ɗaya a Photoshop su ne ke shan wahala. A1 a 300 yana nufin 7016 × 9933, kusan megafiksel 70, kuma shimfiɗa ɗaya tak, wato `layer`, tana cin sama da megabait 200 kafin a matse ta. A 150 kuwa 3508 × 4967 ne, kwamfuta ta huta, hotunan ma ba su rasa komai ba. To amma taswira fa? A 150 kowane fiksel milimita 0.17 ne, siririn layin zane kuwa 0.13 ne. Layin bai kai fiksel ɗaya ba, sai ya fito toka-toka ko ya yi ta tsinkewa, ƙananan lambobin awo su cushe. Hotuna suna jure 150, layi da rubutu ba sa jurewa. Shi ya sa ya fi kyau a haɗa allon a InDesign, Illustrator ko CorelDRAW, a shigo da taswira a matsayin PDF da aka fitar kai tsaye daga manhajar zane, inda layi yake layi ba tarin ɗigo ba, firinta ta buga shi da iyakar kaifinta.

Waɗannan manhajojin suna kuma tona asirin hoton da aka ja fiye da ƙima. A InDesign, a duba `Links`: `Actual PPI` ita ce alamar fayil, `Effective PPI` ita ce abin da zai sauka a takarda, kuma ita kaɗai ce abin dubawa. Idan ta nuna lamba biyu mabambanta, an matse hoton ta gefe ɗaya, siffarsa ta lalace, mutanen ciki sun yi ƙiba ko sun rame. CorelDRAW yana nuna lambar a layin ƙasa idan aka taɓa hoton.

Akwai masu haɗa allo a PowerPoint, kuma yana yiwuwa, tun da yana karɓar shafi har inci 56. Sai dai yakan matse hotuna yayin ajiyewa, don haka a sa alama a `Do not compress images in file` tun kafin a saka hoto na farko. Idan kuma ba bugawa za a yi ba, da majigi za a haska, lissafin ya sauya gaba ɗaya: majigi mai 1920 × 1080 zai nuna A1 a kwance a faɗin fiksel 1,530 kawai, da baƙin fili hagu da dama, kuma duk ƙaramin rubutu ya tafi. Wannan yana buƙatar shafuka na 16:9 dabam, abu ɗaya a kowane shafi.

Ragowar ɓarnar a hanyar zuwa wurin bugu take faruwa. Wajen fitar da PDF, zaɓin `Smallest File Size` yana sauke hotuna zuwa 100 `ppi`. `High Quality Print` ake so. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan isa da dogon gefensa bai wuce kusan fiksel 1,600 ba, wato fanoramar 9000 ta koma 27 `ppi` a bango. A tura ta `Document`, ko a kai a filash. Idan launi zai kai har bakin takarda, a ƙara milimita 3 a kowane gefe domin yanka, a kuma tambayi faɗin naɗin takardar injin, saboda A1 tana shiga naɗin milimita 610 amma fanorama mai tsayin santimita 70 ba za ta shiga ba.

Kafin a biya kuɗin babban bugu, a yanko yanki mai girman A4 daga wurin da ya fi cunkoson abubuwa, inda taga da rubutu da siririn layi suka haɗu, a buga shi a ainihin girmansa, a manna a bango, a tsaya a santimita 60 sannan a mita biyu. Idan babban ya fito, a ɗora rula a kan taswirar tun ba a bar shagon ba. A ma'aunin 1:100, bangon mita 10 dole ya auna santimita 10 cif. Idan ya auna tara da rabi, mai injin ya bar `Fit to page` a kunne, kuma duk ma'aunin da aka rubuta a allon ya zama ƙarya. A ce masa ya sake a `Actual size`.